Zakka ba kason albashi ba ce: yadda ya kamata mai tara dukiya ya tsara ta

Idan samun mutum ya ƙaru, hannunsa kan buɗe. Ya biya wa ɗan ƙanwarsa kuɗin makaranta, ya sa hannu a ginin masallacin unguwa, ya raba shinkafa da azumi. Duk alheri ne. Matsalar ita ce da yawa cikinmu idan shekara ta zagayo sai mu dubi wannan hidima mu ce ai mun fitar da zakka har da ƙari, alhali ba mu taɓa zama mun ƙirga abin da muka mallaka ba. Ra'ayina shi ne, wanda yake son tara dukiya ta halal dole ya raba aljihunsa uku: ciyarwar da ta wajaba a kansa, zakka, da sadaka. Kowanne da ma'auninsa, kuma haɗa su ne ke sa mutum ya yi ta bayarwa amma haƙƙin Allah na nan a wuyansa.

Zakkar kuɗi tana hawa ne kan abin da ya taru ya kai nisabi, shekarar Musulunci ta zagayo yana hannunka. Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. Abin fitarwa ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5 cikin ɗari. A ƙasar Hausa an fi bin ma'aunin zinariya, kuma tunda farashinta a naira ba ya zama wuri ɗaya, nisabin bara ba shi ne na bana ba. Sai an duba sanarwar hukumomin zakka, irin na Sakkwato da Kano, ko a tambayi farashin giram a kasuwa a ninka sau 85.

Mu ɗauki misali. Ma'aikaci ne da albashinsa ya tashi daga naira 400,000 zuwa miliyan 1.2 a wata, yana kuma da shagon kayan masarufi. Mu ƙaddara giram na zinariya naira 150,000 ne, nisabi ya zama miliyan 12.75. Ranar da shekararsa ta cika yana da miliyan 6 a banki, da daloli da suka kai miliyan 4 a canjin ranar, da kayan shago na miliyan 7 a farashin yau, ba farashin da ya saro su ba, da bashin miliyan 1 da yake bin abokan ciniki waɗanda ya tabbata za su biya. Jimla miliyan 18. Dilan da yake saro kaya a wajensa yana bin sa miliyan 2, in ya cire saura miliyan 16. Zakkarsa naira 400,000. Gidan da yake ciki, motar hawansa, firji da kantocin shagon, duk ba sa cikin lissafi.

Akwai masu cire kashi 2.5 daga albashi duk wata su ce sun gama. Da mutumin nan ya yi haka, zai fitar da 30,000 a wata, 360,000 a shekara. Bana giɓin 40,000 ne kawai, shi ya sa kuskuren ba ya fitowa da wuri. Amma baɗi, in dukiyarsa ta kai miliyan 24 albashi bai motsa ba, zakka ta zama 600,000, shi kuwa yana nan kan 360,000. Giɓi ya koma 240,000, kuma kowace shekara sai ya ƙara faɗi, domin dukiya na taruwa, albashi kuwa shigowa yake ya fita. Akwai malaman zamani da suka ga a fitar wa albashi zakka yayin karɓa, amma ko a wajensu hakan bai ɗauke zakkar kayan shago da abin da ya shekara a ajiye ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a tsayar da rana ɗaya a kalandar Hijira, a riƙe ta. A mazhabar Malikiyya ribar kasuwanci tana bin shekarar uwar kuɗi, amma sabon samu irin albashi ko gado yana fara tasa shekarar. Bin diddigin kowane wata aiki ne mai wuya, don haka malamai da dama suka ba da sauƙin a ƙirga komai a rana guda, ko da wani sashe bai shekara ba. Za a ɗan biya fiye da wajibi, amma an huta da shakka. Wanda lissafin kasuwancinsa ke bin shekarar Bature kuwa, tunda ta fi ta Hijira da kimanin kwana 11, sai ya yi amfani da kashi 2.577.

Daga nan sai tanadi. In ana hasashen zakkar 600,000, a riƙa ware 50,000 duk wata a wani asusu dabam da ba a taɓawa, a sake duba hasashen duk sa'ad da samu ya ƙaru. Wannan kuɗi ajiya ce, ba zakka ba tukuna, don haka ranar lissafi shi ma ana ƙirga shi cikin dukiya. Amfaninsa shi ne ranar ba za ta riske ka kuɗinka duk sun nutse a kaya da filaye ba. Nan ne masu tara dukiya suka fi tuntuɓe: a takarda suna da miliyoyi, a hannu babu ko dubu ɗari biyu, sai a ce bari a sayar da wani abu tukuna, shekara ta bi shekara, zakka ta zama bashi.

Fili ma yana buƙatar niyya tun ranar saye. Na ginin gidan zama babu zakka a kansa. Gidan haya, kuɗin hayar da ya taru ake dubawa, ba ginin ba. Filin da aka saya don jiran ya yi tsada, a Malikiyya sai ranar da aka sayar ake fitar da zakkar shekara ɗaya, wasu mazhabobin kuma suna cewa a ƙiyasta shi duk shekara. Ka tambayi malaminka ka tsaya kan magana ɗaya, kada ka riƙa zaɓen wadda ta fi araha kowace shekara. Kuɗin da ke kwance ba juyi kuwa, zakka na rage shi, faɗuwar darajar naira na rage shi. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo umarnin Sayyidina Umar cewa a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta.

Sadaka ita ce ya kamata ta bi samu. A yanke mata kaso, a ce biyar cikin ɗari: 20,000 lokacin albashin 400,000, yanzu 60,000. A yanke tun kafin ƙarin ya shigo, domin da zarar sabuwar mota da sabuwar makarantar yara sun saba da kuɗin, ƙwace shi da wuya. Kason yana kuma ba mutum bakin cewa na wannan watan ya ƙare, ba tare da ya taɓa jari ba. Ciyar da mata da ƴaƴa da iyaye mabuƙata ba ta shiga wannan aljihu, kuma ba a ba su zakka, domin nauyinsu dama yana kanka. Ƙane ko ɗan baffa matalauci kuwa ana ba shi, in an yi niyyar zakka lokacin bayarwa. Abin da ka riga ka bayar kyauta a watan Rajab ba zai koma zakka a Muharram ba.

Saura rabo. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu karɓa kashi takwas, kuma yawancin malamai ba su sa ginin masallaci a ciki ba. Ina ganin zakkar 400,000 ɗin nan in aka raba ta dubu-dubu ga mutum 400 a ƙofar gida, kafin magariba za ta ƙare. Malikiyya ta halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara. Da a ba mutum biyu 200,000 kowannensu, bazawara mai ɗinki ta sayi keke da yadi, magidanci ya biya bashin asibiti, a kuma rubuta sunayensu tun wata uku kafin ranar, don a samu lokacin bincika halin da suke ciki.