Af ɗin layin nan sai da ya cinye mun kuɗi kafin na gane karatunsa

Wallahi raina a ɓace yake, kuma ba kuɗin da suka tafi ne kaɗai ke ƙona mun rai ba, yadda aka maida ni kamar wanda bai taɓa shiga aji ba ne. Aiki ya kawo ni ƙasar mutane na 'yan watanni, na sayi layinsu, suka ce in sauke af ɗinsu wai komai yana ciki, balans, ranar ƙarewa, kuɗin romin wato na amfani da layi a kan netwok ɗin wata ƙasa, duka. To komai ɗin yana ciki kam, sai dai an jera shi ne yadda ba za ka gane ba sai bayan an gama yi maka aski.

Af ɗin da Faransanci yake. Ban yi ƙorafi a kan wannan ba, ƙasarsu ce, yarensu ne. Cikin kwana biyu na gane `Go` shi ne GB ɗin da muka sani, `Mo` shi ne MB, `Ko` kuma KB, na kuma gane waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, wato `1,5 Go` giga ɗaya da rabi ne ba goma sha biyar ba. Na ce shikenan na iya. Ashe ko bakin ƙofa ban kai ba.

Ranar 6 ga Maris da ƙarfe 9:40 na safe na sayi bandil na 20 Go. Kana buɗe af ɗin wani ƙaton da'ira ne zai tare ka da lamba a tsakiya, ita kaɗai ido ke gani, kuma ita nake ta kallo kusan wata guda hankalina kwance. Ranar 2 ga Afrilu da'irar nan tana nuna `11,4 Go`, a ƙasa da ƙananan haruffa `Restant`, wato abin da ya rage. Na ce kai ashe ma ina da tattali, fiye da rabi na nan. Sai da wani abokin aikina ya karɓi wayar ya danna wata 'yar kibiya mai launin toka da ni na ɗauka ado ce, sai ga bandil ɗin ya tsage gida uku:

```
Internet          1,9 Go
Nuit (00h-06h)    5,0 Go
Réseaux sociaux   4,5 Go
```

Ka lissafa, 11,4 ɗin ne cif. Ba su yi ƙarya ba wai. Amma datar da zan iya buɗe taswira da ita, in tura fayil, in duba imel, 1,9 ce kawai cikin 10 da aka ba ni tun farko. Biyar ta dare ce, daga sha biyu zuwa shida na safe, lokacin da duk mai aikin safe yake barci, shi ya sa ko taɓa ta ban yi ba. Sauran kuma ta soshiyal ce, ita ma da sharaɗinta, in wani ya turo maka link ka danna ya fitar da kai zuwa burauza to ka bar gonar soshiyal kenan, daga 'yar 1,9 ɗin nan za a yanka. Dan Allah meye amfanin haɗa kuɗin da zan iya kashewa da wanda ba zan iya ba a rubuta mun jimla da manyan baƙaƙe? Ai wannan kamar a ce maka kana da ɗaki uku ne alhali makulli ɗaya aka ba ka.

Sai maganar ranar ƙarewa, nan ma wani rainin wayon. An rubuta `30 jours`, ni kuma a kaina wata ɗaya ne, na saya ran 6 zai ƙare ran 6. Ina! Kwana 30 suke ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, Maris kuma kwana 31 ne, saboda haka 5 ga Afrilu zai mutu, kuma ba da tsakar dare ba, daidai 9:40 ɗin da na saya. Awar ba ta kan shafin farko, sai ka shiga tarihin saye za ka gan ta. Abin da ya ƙara rikita ni, na je na canza yaren af ɗin zuwa Turanci don in huta, sai rabin shafukan suka koma Turanci rabi suka tsaya a Faransanci, kwanan watan kuma ya juye. Saƙon tes da suka turo yana cewa `05/04`, af ɗin yana cewa `04/05`. Na zauna ina kallon lambobi biyu kamar mai duba, har na fara murna ko sun ƙara mun wata guda ne kyauta zuwa 4 ga Mayu. Rana ɗaya ce, ɗaya ya fara da rana ɗaya ya fara da wata. Yadda na warware shi, na gangara tarihi na nemo kwanan da ke da lamba sama da 12, na ga `03/21`, tunda babu wata na 21 na san wata ne a gaba. Mutum ya biya kuɗinsa kuma sai ya yi wasa ƙwaƙwalwa kafin ya san ranar da datarsa za ta mutu, haba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa nake wannan rubutun romin ne.

Ranar 2 ga Afrilun nan aiki ya kai mu wani gari da ke bakin iyaka. Ban tsallaka ba fa, ƙafata ba ta taka ƙasar maƙota ba, fasfo ɗina ma yana masauki. Amma waya ba ta san iyaka ba, eriyar da ta samu take kamawa, in netwok ɗinka ya yi rauni ko ya ɗauke sai ta maƙale wa na maƙota ba tare da ta tambaye ka ba. Alamar kawai ita ce sunan netwok ya canza a saman waya, wasu wayoyin kuma su sa wani ɗan `R` kusa da sandunan sabis, wanda in ba ka san da shi ba har abada ba za ka lura ba. Ni kuma `Data roaming` a kunne yake tun wata tafiya da na yi a baya, wannan kam laifina ne na yarda, ban ɓoye ba.

Ina da 40 na kuɗinsu a layi, na bar su ne musamman don bandil ya sabunta kansa ran 5. Muna cikin mota waya ta hau tura hotunan da na ɗauka ranar zuwa ma'ajiyar intanet, hoto goma ne ko sha ɗaya, kowanne wajen 4 Mo. Kafin mu tsaya intanet ya ɗauke ɗif. Na buɗe af, da'ira na nan tana mun murmushi da `11,4 Go` ɗinta, kuɗi ma yana nuna 40. Na kashe waya na kunna, na cire layi na mayar, na zagi netwok, ashe netwok ba ruwansa. Af ɗin ne ba ya iya sabunta lamba sai da data, data kuma ta yanke, sai ya ci gaba da nuna mun lambar da ya ɗauko tun safe. Akwai wani layi can ƙasa, `Dernière mise à jour 08:12`, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, shi ne yake gaya maka lambar tsohuwa ce. Wa zai gani?

Da daddare na samu wayfai na shiga shafin `Itinérance`, shi ne romin a yarensu, na ga abin da ya ci ni:

```
Zone 2 - Internet : 0,01 / 10 Ko
```

Na taɓa ganin layin nan tun ranar da na sauke af ɗin, na ga 0,01 na ce wannan ai kyauta ce, na wuce. Ban kalli abin da ke bayan sandar ba. Ba kuɗin Mo ɗaya ba ne, kuɗin 10 Ko ne. Mo ɗaya 1024 Ko ne, wato gutsure ɗari da biyu da 'yan kai, kenan kowane Mo ɗaya ya haura 1 na kuɗinsu kaɗan. 40 ɗina ba ta kai ta sayi 40 Mo ba. Hoto goma. Kuɗin da zai saya mun bandil na 20 Go ya tafi a hoto goma da ko kyau ba su yi ba, rabinsu ma hoton takardun aiki ne. In da giga ɗaya na ci a wannan farashin, sama da 1000 ake magana. Kuma a ƙasan shafin sun ƙara da cewa gutsuren ba ya rabuwa, ma'ana ko 1 Ko waya ta taɓa ta saki, kuɗin 10 za a cire, ga wayoyin yanzu kuwa ba sa zama shiru, kullum suna leƙa saƙo suna dawowa.

Tambayata ita ce, me ya hana su rubuta farashin da ma'aunin da suke sayar mun da data? Wajen saye da Go kuke magana, wajen caji kun koma Ko don lambar ta yi ƙanƙanta ta yi kyau a ido. Kuma 11,4 ɗin da nake da ita fa? Kalma ɗaya ce ta kashe ta, `national`, tana cikin bayanin bandil, wato a cikin ƙasa kawai take aiki, da zarar waya ta kama netwok ɗin waje an ajiye bandil gefe an koma cin kuɗin layi kai tsaye, abin da suke kira `Hors forfait`. Shi kansa `Zone 2` ɗin ba a gaya maka ƙasashen da ke ciki a wannan shafin, sai ka sauke wani dogon PDF. Abokin aikina ya ce ko a Tarayyar Turai da aka soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta tun 15 ga Yunin 2017 mutane na faɗawa wannan ramin, don Switzerland tana tsakiyarsu amma ba ta cikin tarayyar, layuka da yawa suna sa ta a wani zon daban. To in 'yan gida na faɗawa ina ga baƙo.

Na kira kastoma kiya washegari, na yi minti ashirin ina jin kiɗa, wata ta ɗauka da ladabinta ta ce yallaɓai ai mun tura maka saƙo lokacin da ka shiga romin. Na duba, eh sun turo, da Faransanci, yana tsakanin tallar waƙar kira da tallar caca da suke turo mun sau biyar a rana har na daina buɗewa. Na ce mata ban bar ƙasarku ba fa baiwar Allah. Ta ce na'ura ta nuna layina ya yi amfani da netwok ɗin waje, ba a mayar da kuɗin, amma in ina so akwai fas na romin da zan iya saya. Yanzu kike gaya mun.

Na kashe `Data roaming`, na shiga saitin netwok na cire shi daga `Automatic` na zaɓi nasu da hannu don kar waya ta sake yawon maƙota, don matar kastoma kiya ta ce ko data a kashe take in an kira ni na ɗauka a kan netwok ɗin waje nan ma akwai caji. Ran 5 ga Afrilu ƙarfe 9:40 ina tsaka da tura fayil bandil ya mutu, sabuntawa ta ƙi tunda layi ba ko sisi, 5 Go ta dare ta tafi yadda aka ba ni ita ban taɓa ko Ko ɗaya ba, sai ga tes ya shigo wai suna gode mun da na zaɓe su.