Haske cikin kwana bakwai: ƙaryar da ake sayar wa amare a roba

Makon jiya wata 'yar yayata da ake shirin aurarwa ta turo mini wata talla, tana tambaya ko ta saya. Hoton roba ce fara, babu sunan kamfani, babu jerin abin da aka zuba a ciki. A ƙasa an rubuta: "Haɗin amare, oganik zalla, haske cikin kwana bakwai, babu illa ko kaɗan, NAFDAC ta amince." Layi ɗaya, alkawari huɗu, kuma ban ga wanda zai tsaya da ƙafarsa ba a cikinsu. Da na yi magana a gida sai aka ce mini ai talla ce, wace mai fura ce za ta ce furarta ta kwana? Wannan amsar ce ta fi tallar ɓata mini rai.

Mu fara da kwana bakwai, domin a nan asirin yake tonuwa. Fatar mutum tana ɗaukar kusan mako huɗu kafin saman ta ya sabunta. Man kaɗanya, zuma, kurkur, man kwakwa, ko an haɗa su duka a tukunya ɗaya, ba su da ƙarfin sauya launin da aka haifi mace da shi, balle a mako guda. Abin da ke yin wannan aiki da gaggawa magani ne na asibiti, dangin sitiroyid, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne kilobetasol. Yana matse ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashin fata, sai ta yi fari fat cikin 'yan kwanaki. Likita yana rubuta shi ne don cutar fata mai tsanani, na makonni kaɗan, a kan wurin da ke ciwo kawai, kuma ba a wuce giram 50 a mako. Mai haɗi kuwa tana matse shi cikin roba, ta gauraya da man kaɗanya don ƙamshi da sunan gargajiya, ta ce a shafa daga goshi har tafin ƙafa safe da dare. Saboda haka in dai alkawarin kwana bakwai gaskiya ne, to kalmar oganik ƙarya ce. In kuwa oganik ɗin ne gaskiya, hasken ba zai zo ba.

Sai batun babu illa. Duk wadda ta zauna a gidan biki ta san alamomin, ko ba ta san sunan maganin ba: fata ta yi siriri har koren jijiya ya bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a hannu da cinya, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi alhali bayan hannu fari ne, ƙuraje da makero su ƙi jin magani, rauni ya daɗe bai warke ba. Ranar da ta daina shafawa fuska ta yi ja, ta kama zafi da ƙaiƙayi, sai ta koma wurin mai haɗi a guje, ita kuma ta ce mata ai kin ga man ya karɓe ki. Maganin yana ratsa fata ya shiga jini, yana iya tayar da suga da hawan jini. Haidirokwinon, wani sinadarin da ake zubawa a man bilicin, wanda ƙa'idar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari a kayan kwalliya ba, idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo a kan kumatu mai wuyar fita. Zaiba kuma, wadda aka haramta gaba ɗaya, ƙoda take ci, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ba a banza hukumar ta kira bilicin matsalar gaggawa ta ƙasa a 2023 ba.

Wanda ya fi yaudarar masu ilimi shi ne "NAFDAC ta amince". Robar da ba ta da suna, ba ta da adireshi, ba ta da ranar lalacewa, wace lamba aka ba ta? Kuma ko a inda lambar take ta gaske, ba ta nufin abin da masu talla ke so mu ɗauka. Dubi kwalaben maganin gargajiya: lambar da yawa daga cikinsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an gwada an ga maganin ba ya cutarwa idan aka sha yadda aka ce. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da komai, shi ya sa ake tilasta rubuta wa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance ikirarin ba. Rubutun yana nan da Turanci, ƙanana, a gefe. Mai lasifika a bakin kasuwa da mai sayen lokaci a rediyo ba su taɓa fassara shi ba. Lambar suke karantowa, su ɗora mata basir da sanyi da ciwon suga da ƙarfin maza a numfashi ɗaya.

Masu cewa laifin mai saye ne tunda ita ke son fari ba su da hujja, domin ba a gaya mata abin da take saye ba. Masu cewa gaskiya ba ta sayar da kaya kuwa, lalaci ne ke damunsu. Ga man kaɗanya na gaske a hannun mace mai sana'ar kirki. Me zai hana ta rubuta: "Man kaɗanya da man kwakwa, babu wani ƙari. Yana tausasa fata, yana rage kaushi da faso a lokacin hunturu. Ba ya sauya launi. A gwada kaɗan a hannu a jira kwana ɗaya. Idan ya yi ja ko ƙaiƙayi a bari. Mai kyasbi ko makero ta ga likita." Kowace jimla a nan za a iya tsayar da ita a tambaye ta, ta kare kanta. An faɗi abin da ke ciki, an faɗi abin da yake yi da kalmar da ta yi daidai da ƙarfinsa, an kuma faɗi inda ya tsaya. "Yana rage" daban, "yana kawarwa har abada" daban. "Yana tausasa" magana ce ta kwalliya, amma da zarar an ce "yana warkarwa" an shiga hurumin magani, kuma sai da gwaji a kan marasa lafiya ake da ikon furta ta. Hoton jiya da yau, ɗaya a ɗaki mai duhu ɗaya a gaban taga da kwalliya, ba gwaji ba ne. Muryar wata Hajiya da ba a san ta ba tana rantsuwa ma ba gwaji ba ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake lulluɓe wannan ciniki da sunan Allah. A buɗe da bisimilla, a rufe da "da yardar Allah", a tsakiya a ɓoye sitiroyid. Alhali duk ɗan Islamiyya ya san labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da abin da Manzon Allah (SAW) ya faɗa game da mai algus. Jiƙaƙƙen hatsi asarar kuɗi kawai yake jawowa. Wannan kuwa ƙodar yarinya ce da fuskarta.

Doka tana nan. Tun 2022 aka ba ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, ikon tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet, kuma tallar magani da kayan kwalliya tana buƙatar izinin NAFDAC daban da rajistar kayan. A fara da gidajen rediyon da ke karɓar kuɗi ba su nemi takardar ba, da taurarin TikTok da ke ɗaga robar da su kansu ba sa shafawa. A kuma tilasta karanta wancan ƙaramin rubutu na jikin kwalba da Hausa, da murya irin wadda ake karanta lambar waya da ita.

'Yar yayata dai na ce ta tambayi mai haɗin sunan duk abin da ta zuba. Amsar da ta dawo ita ce sirrin sana'a ne.