Sabuwar takardar haya: ku duba layin da aka cire

Ƙanena yana sayar da atamfa a wani shagon haya kusa da babbar kasuwar Maradi, shekara biyar ke nan. Kwanan baya mai shagon ya aiko masa da sabuwar takarda, wai tsohuwar ce, kuɗi kawai aka taɓa: daga jika 40 a wata zuwa jika 45. Ƙanen nawa ya so ya sa hannu nan take. Na ce masa, ɗan'uwa, ɗauko tsohuwar tukuna.

Muka shimfiɗa su biyu kan tabarma bayan la'asar. Ni ina karanta tsohuwar da ƙarfi, layi bayan layi, shi yana bin sabuwar da yatsa. Duk inda muka saɓa sai mu tsaya, mu rubuta abin da aka ce da, abin da aka ce yanzu, da kuma aljihun da zai ɗauki nauyin.

Ƙarin kuɗin jika 60 ne a shekara, kuma a ganina shi ne mafi sauƙi, tunda ido yana ganinsa. Abin da ya tayar mini da hankali layi ne da ya ɓace. Tsohuwar ta ce gyaran rufi da bango na mai shago ne. Sabuwar ta share wannan, ta ce “dukan gyara” na ɗan haya ne. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ɗora manyan gyare-gyare irin su rufi da katanga a kan mai gida, amma wannan sashen yana cikin waɗanda yarjejeniya za ta iya sauyawa. Ke nan in iskar Agusta ta yaye kwanon, ƙanena ne zai saya, ban da atamfar da ruwa zai ɓata.

Sai wa'adi. Tsohuwar ba ta da ranar ƙarewa, kuma a irin wannan haya, mai son a rabu sai ya ba da sanarwar wata shida aƙalla. Sabuwar ta yanka shekara biyu. Wanda ya shekara biyu yana sana'a a wuri yana da haƙƙin a sabunta masa, amma a haya mai wa'adi dole shi ya nema, da shaidar cewa mai gida ya karɓi buƙatar, wata uku kafin ƙarshe. In wa'adin ƙarshen Disamba ne, kafin Satumba ta fita ke nan. In ya manta, haƙƙin ya faɗi.

Ban ce mai shagon macuci ba ne, wataƙila wani ne ya buga masa takardar. Amma mutanenmu suna jin nauyin kwatanta takarda a gaban dattijo, kamar rashin yarda ne, kuma wannan kunyar tana cin dukiya. Ƙanena ya koma ya ce, Alhaji, na amince da jika 45, amma a mayar da layin rufi. An mayar. Maganar wa'adi kuwa har yanzu ana kai.