Kafin ku taɓa kwamfuta, ku tambayi wane ne "wanda ya makara"

Ƙannena masu rubuta manhaja a Garwa da Marwa da Ngawundare, akwai ɗabi'ar da nake so ku bari. Ana miƙo muku katin aiki, ku karanta labarin mai amfani da sharuɗɗan karɓar aikin da ke ƙasansa, ku gyaɗa kai, ku ce "mun gane", ku hau rubutu. Bayan sati biyu mai aiki ya ce ba haka yake nufi ba, ku ce haka aka rubuta, kuma dukanku kuna da gaskiya, domin abin da aka rubuta ɗin bai yanke komai ba. Tun ran gini tun ran zane.

Ma'aunin ɗaya ne. Ku ɗauki sharaɗi, ku tambayi kanku: me zan shigar, me zan gani a allo, da zan ce wannan sharaɗi ya faɗi? In ba ku iya kwatanta faɗuwarsa ba, to cikarsa ma ba za ku iya nunawa ba. Tun 2003 Bill Wake ya jera siffofi shida na labari mai kyau a cikin INVEST, kuma harafin ƙarshe, T, shi ne cewa labarin ya gwadu.

Mu ɗauki misali. A ce Hajiya, wata uwar adashi a Garwa, tana da mutum ashirin, kowa na zuba sefa 5,000 duk Juma'a, an ce ku yi mata manhaja. Labarin ya ce: "A matsayina na uwar adashi, ina so a tunatar da waɗanda ba su zuba ba, don kwasa ta fita a kan kari." Labari lafiya lau. Sai sharaɗi: "Manhaja ta tura saƙo da Hausa, a kan lokaci, ga waɗanda suka makara."

Kowa ya karanta zai ce ya gane. To wane ne ya makara? Wanda bai zuba ba har la'asar, ko har sha biyun dare? In an ce ƙarfe shida na yamma, wanda kuɗinsa ya shigo 18:00 cif yana ciki ko yana waje? Kada ku raina wannan, shi ne bambancin `>` da `>=`, kuma in ba a faɗa ba, mai rubutu zai zaɓi ɗaya, mai gwaji ya zaɓi ɗayan. Ƙarfe shidan ma na wane agogo? Kamaru da Cadi suna gaba da UTC da awa ɗaya, sabar da kuka yi haya kuwa galibi a kan UTC take. In an rubuta 18:00 a sabar ba a duba ba, saƙon sai bakwai zai fita.

Sai waɗanda suka fi wuya, domin ba a kwamfuta amsarsu take ba. Wadda ta tura 4,500 ta ce gobe za ta cika, ta makara ko ba ta makara ba? Wanda ya tura ta Orange Money ko MoMo ƙarfe 17:58, amma tabbacin biyan bai iso manhaja ba sai 18:03 fa? Wadda ta damƙa wa Hajiya kuɗi a hannu a gidan suna, Hajiya ba ta shigar ba tukuna? In saƙon "ba ki zuba ba" ya je wa matar da ta riga ta biya, ba kuskuren allo ba ne kawai, zumunci kuka taɓa, kuma daga ranar Hajiya za ta koma wa littafinta. Waɗannan tambayoyi ba naku ba ne ku amsa. Ku je ku ce, "Hajiya, in mutum ya kawo rabi, ya kike yi da shi?" Ta daɗe da amsar, ba a dai tambaye ta ba ne.

Da amsoshinta a hannu, sharaɗi ɗaya zai rabu gida uku ko huɗu, kowanne da misalinsa. Tsarin da Dan North ya yaɗa a 2006 yana taimakawa, don yana tilasta muku faɗin halin da ake ciki, abin da ya faru, da abin da za a gani:

```gherkin
Scenario: Zubi bai cika ba
  Given zubi 5000 ne, wa'adi Juma'a 18:00 agogon Kamaru
  And mamba ta biya 4500
  When agogo ya kai 18:15
  Then an tura mata SMS 1 mai nuna saura 500
```

Ku lura da 18:15. An bar minti sha biyar saboda tabbacin biya da kan yi jinkiri, kuma Hajiya ce ta amince da hakan. Ku lura da "SMS 1" ma, domin tsohon sharaɗin bai hana manhaja tura saƙo goma ba. Sannan ku rubuta kishiyarsa: wanda ya biya 5,000 a 18:00 daidai, ba a tura masa komai. Sharaɗin da ya faɗi abin da zai faru kawai, bai faɗi wanda ba za a taɓa ba, rabi ne.

"A kan lokaci" kuma yana ɓoye wani tarko. Manhajarku tana iya miƙa saƙo ga kamfanin da ke isarwa, amma ba ta da iko da wayar da ke kashe a ƙauye bayan Pitowa, ko wadda ba ta da sabis. Saboda haka kada ku sa hannu a kan "saƙo ya isa cikin minti biyar". Ku rubuta abin da ke hannunku: an miƙa saƙo cikin minti biyar, in an ƙi karɓa a sake gwadawa sau nawa, in ya gagara Hajiya ta ga alama kusa da sunan mutumin.

Har "da Hausa" ɗin nan da ake gani kamar ba shi da matsala, ku tsaya a kansa. Saƙon waya ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in haruffan gama-gari ne. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ɗaya ta shiga, tsarin ya koma UCS-2, iyaka ta dawo 70, kuma in saƙon ya rabu kowane yanki 67 yake ɗauka. Saƙo mai harafi 150 da zai tafi a guda ɗaya ya zama uku, kuɗinsa ma uku. Ni dai na fi son a rubuta Hausa da ƙugiyoyinta a taƙaita saƙon, amma mai biyan kuɗin saƙo shi ke da zaɓi, kuma zaɓin ya shiga katin.

Akwai kalmomin da in kun gan su ku ja birki: "da sauri", "cikin sauƙi", "yadda ya kamata", "da sauransu", "idan da hali". Sai dai kada ku ɗauka liƙa lamba shi ne magani. Wani zai ga "da sauri" ya goge ya sa "daƙiƙa biyu" daga kansa, bai faɗi a wace waya ba, da wane irin sabis, da mambobi nawa a jeri. Daƙiƙa biyu a kwamfutar ofis daban, a ƙaramar waya cikin babbar kasuwa daban.

Duk wannan zaman minti ashirin ne ko talatin, mutum uku: mai aiki, mai rubutu, mai gwaji. Kowa ya karanta sharaɗin shi kaɗai, ya rubuta misali ɗaya da ya ci da ɗaya da ya faɗi, sannan a haɗa. Inda misalanku suka saɓa, nan ne ramin. Tambayar da ba wanda ya iya amsawa a wurin a rubuta ta a kan katin da sunan wanda zai nemo amsa, katin kuma kada ya shiga aikin wannan zango sai amsar ta dawo, ko da shugaban aiki yana cewa ku fara a gyara daga baya.