Nasiha ga masu saka hoto da hashtag: akwai masu karanta ku da kunne

Assalamu alaikum 'yan uwa matasa, musamman masu tallar kaya da masu kula da shafukan ƙungiyoyi da makarantu. Cikin masu bibiyarku akwai makafi da masu raunin gani, kuma waya iri ɗaya suke riƙewa da ku. Bambancin shi ne su suna kunna manhajar da ke karanta musu abin da ke fuskar wayar da murya: TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, NVDA ko JAWS a kwamfuta. Mutum yana goga yatsa zuwa dama, manhajar tana faɗa masa abu na gaba, ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka rubuta da haruffa shi take iya karantawa. Abubuwa biyu da muke yi kullum suna toshe wannan hanya, kuma gyaransu ba ya cin ko kwabo.

Na farko shi ne yadda muke rubuta hashtag mai kalmomi da yawa. Hashtag ba ya karɓar tazara, don haka dole a manne kalmomin. Idan ka rubuta #barkadasallah, idonka zai raba shi uku domin ka san gaisuwar tun kana yaro. Manhajar ba ta san ta ba. Ita kalma ɗaya doguwa ta gani, sai ta yi ƙoƙarin furta ta a dunƙule, ta tauna ta, ta fitar da wani sauti da ba ya kama da komai. Ga shi kuma da yawa suna sauraron rubutun Hausa ne da muryar da aka gina don Turanci, wadda ko kalmomin da aka raba ma sai mai sauraro ya saba da lafazinta kafin ya gane. To ina ga an cure su wuri guda?

Da ka rubuta #BarkaDaSallah, lamarin ya sauya. Waɗannan manhajoji suna ɗaukar babban harafin da ya biyo bayan ƙarami a matsayin farkon sabuwar kalma. NVDA ma tana da wannan ƙa'ida a cikin ƙamusun furucin da take zuwa da shi. Sai a ji barka, da, sallah, kowace da kanta. Ka tuna #BringBackOurGirls na shekarar 2014, bayan sace 'yan matan Chibok: kalmomi huɗu ne, kowace da babban harafi a kanta, shi ya sa ido da kunne duk suke kama shi nan take.

Kada ka ce wannan matsalar makafi ce kawai. Dubi #gashinan. Mai talla yana nufin "ga shi nan", amma mai karatu na iya ganin "gashi nan", ya ɗauka kitso ko ƙarin gashi ake sayarwa. #GaShiNan ya kashe gardamar. Haka #bakano: mutumin Kano ake nufi, ko kuwa "ba Kano" ba? Hausa tana cike da gajerun kalmomi irin su da, na, ta, ba, ga, sa, waɗanda ke narkewa cikin maƙwabtansu da zarar an cire tazara. Saboda haka su ma a ba su babban harafinsu. #RanarMataTaDuniya ne daidai, ba #RanarMatataDuniya ba, wanda ya koma zancen matar wani.

Tsoron da na fi ji shi ne wai sauya haruffa zai raba mutum da sauran masu amfani da hashtag ɗin, ya rage masu ganin kayansa. Ba haka ba ne. Wajen bincike, X da Instagram da Facebook ba sa bambanta babban harafi da ƙarami a hashtag. #KantinKwari da #kantinkwari wuri ɗaya suke kai mutum. Inda ake faɗawa rami shi ne jerin da waya ke kawo maka da ka fara rubutu. Sau da yawa jerin yana nuna hashtag ɗin da ƙananan haruffa zalla, kuma da ka taɓa shi sai ya shafe manyan da ka saka. Ka ƙarasa rubutawa da hannunka, ko ka koma ka gyara kafin ka tura. Mayar da komai manyan haruffa, kamar #BARKADASALLAH, bai magance komai ba, domin har yanzu babu alamar inda kalma ta ƙare. Sannan alamar da muke sa wa 'ya da 'yan tana yanke hashtag, kamar yadda aya da waƙafi suke yi, don haka #YanUwa za a rubuta ba tare da ita ba. Kuma a tara hashtag a ƙarshen rubutu, biyu ko uku. Wanda ya jera ashirin ya sani cewa wani zai zauna yana jin ana kiran kowanne bi da bi.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma a nan ne aka fi cutar da mutane: hoto marar bayani. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wata mai sayar da atamfa ta saka hoto a Instagram. A cikin hoton akwai turmi uku a kan tebur, an rubuta farashi da ranar ƙarewar rangwame a jikin hoton da jan launi. A ƙasa ta rubuta: "Sabon kaya ya iso, farashi na jikin hoto", sai hashtag goma sha biyu da ƙananan haruffa. Mai gani ta samu komai cikin daƙiƙa biyu. Wadda ke amfani da TalkBack ta ji sunan shafin, ta ji an ce hoto, ta ji cewa farashi na jikin hoto, sai ruwan kalmomin da aka tauna. Ba ta san launi ba, ba ta san kuɗi ba, ba ta san cewa rangwamen zai ƙare ranar Juma'a ba. Rubutun da ke jikin hoto ba haruffa ba ne a wurin waya, ɗigogin launi ne kamar sauran hoton.

Wani zai ce ai Facebook yana yi wa hotuna bayani da kansa. Gaskiya ne, tun 2016 yake yi, Instagram kuma ya biyo baya a 2018. Amma bayanin na kintace ne, irin "mai yiwuwa hoton mutum biyu ne da rubutu". Ba zai bambanta atamfa da shadda ba, kuma ko ya tsinto rubutun da ke jiki, ba abin dogaro ba ne a kan farashi ko lambar waya. Wanda ya ɗauki hoton shi ya san dalilin saka shi, shi ya kamata ya rubuta.

Gurbin rubutawar yana nan, an dai ɓoye shi. A X, bayan ka ɗora hoton za ka ga +ALT a jikinsa, ka taɓa ka rubuta, yana ɗaukar haruffa har 1,000. A Instagram, a shafin ƙarshe kafin ka tura, ka sauka ƙasa zuwa Advanced settings, ka nemi Write alt text. A Facebook ka buɗe hoton, ka taɓa ɗigo ukun, ka zaɓi Edit alt text. Wuraren suna ɗan matsawa idan an sabunta manhaja, amma kalmar da za ka nema ita ce Alt. Idan hotuna huɗu ka saka, kowanne yana da gurbinsa, kuma kowanne yana buƙatar nasa bayanin.

Me mai atamfar za ta rubuta? Ba "atamfa" kawai ba, wannan bai ƙara wa kowa komai ba. Ba kuma "kaya masu kyau, sai wanda ya gani" ba, wannan kirari ne. Abin da ya dace shi ne: "Turmin atamfa uku a jere kan tebur: shuɗi mai zanen ganye, ja mai ɗigon fari, da kore mai ratsin ruwan gwal. An rubuta a jiki: yadi 6, naira 18,000 kowanne, rangwame zai ƙare ranar Juma'a." Jimla biyu ke nan. Ta fara da abin da ke hoton, ta faɗi abin da mai saye ke zaɓe da shi, sannan ta kwafe rubutun jikin hoton kalma da kalma. Kada a bar launi don ana ganin makaho ba ruwansa da shi. Da yawa sun taɓa gani kafin lalurar ta same su, wasu suna gani dishi-dishi, kuma kowa yana so ya san abin da zai sa a jikinsa ranar biki.

Ma'aunin mai sauƙi ne: da a waya kake gaya wa wani abin da ke hoton, me za ka ce? Ba sai ka fara da "hoton" ba, manhajar ta riga ta sanar cewa hoto ne. Kada ka maimaita abin da ka rubuta a ƙasa, domin za a ji shi sau biyu. Kada ka cusa hashtag ko lambobin talla a gurbin, kuma kada ka mayar da shi wurin ɓoye barkwanci, kamar yadda wasu suka riƙa yi a X bayan da aka fara nuna wa kowa alamar ALT a 2022. Wanda ya dogara da gurbin nan bai da wata tabbatacciyar hanyar sanin abin da ke hoton.

Fastocin sanarwa su ne suka fi buƙatar kulawa: walima, saukar karatu, ɗaurin aure, jana'iza, neman ma'aikata. Galibi dukan bayanin yana jikin hoto. A nan shawarata ita ce a rubuta rana, lokaci, wuri da lambar tuntuɓa a cikin rubutun da kowa ke gani a ƙasa, ba a gurbin Alt kaɗai ba. Ta haka mai ƙarancin data da hoton bai buɗe masa ba ya samu, mai son kwafe lambar ya kwafa. A WhatsApp ma dole haka za a yi, tunda babu gurbin bayani na daban, sai wurin rubutu da ke ƙasan hoton kafin a tura. Mai tura fasta zuwa zaure ba tare da ko layi ɗaya ba ya bar wasu 'yan zauren a waje.

Ka gwada da kunnenka sau ɗaya. A Android ka shiga Settings, sai Accessibility, ka kunna TalkBack. Ka sani tun kafin ka kunna cewa taɓawa ɗaya zaɓa kawai take yi, sai ka taɓa sau biyu a jere abu zai buɗe, kuma da yatsu biyu ake jan shafi. A iPhone, VoiceOver yana ƙarƙashin Accessibility shi ma, amma da yatsu uku ake ja. Ka buɗe abin da ka saka na ƙarshe, ka kawar da ido, ka saurara. Idan hashtag ya fito a tauna, ko ka kasa faɗin farashi da rana daga abin da ka ji, akwai gyara. A Instagram da Facebook za ka iya komawa tsohon hoto ka ƙara masa bayani. A X, a ƙa'ida ba a ƙara wa hoton da aka riga aka tura, sai dai ka rubuta bayanin a matsayin amsa a ƙarƙashinsa, ko ka goge ka sake sakawa. Akwai kuma wurin kunna tunatarwa a cikin Accessibility na X, wanda zai tsayar da kai duk lokacin da za ka tura hoto babu bayani.