Ƴan uwa masu koyon animeshon, ku rage tsawon ril ɗinku

Salam ƴan uwa, musamman ƙannenmu na Samaru da Kongo da suka fara taɓa Blender. Wallahi abin yana damuna, sai kaga yaro mai basira ya haɗa ril, wato bidiyon nuna ayyukansa don neman aiki, na minti huɗu ya zuba duk abinda ya taɓa yi, har da ƙwallo mai tsalle ta darasin farko. Mai ɗaukan aiki a sitidiyo bashi da wannan lokacin, sakan goma na farko yake kallo ya yanke hukunci, kuma aikinka mafi rauni shi zai tsaya masa a rai don zai ɗauka kai baka ga matsalar ba. Ga sabon shiga sakan 30 zuwa minti ɗaya ya wadatar.

A ce kana da ayyuka bakwai. Zaɓi huɗu kawai. Ka buɗe da sunanka da imel na sakan 3, kar ka tsaya yin tambari mai juyawa. Daga nan saka wanda yafi kowanne kyau, misali dattijo yana faɗa da ɗan acaba kan canji, sakan 12, inda baki ya dace da magana kuma ido da gira suna aiki. Kar ka raina sakan 12 ɗin nan, firam 288 ne in kana aiki da 24 a sakan, kuma firam-firam wasu suke dubawa. Sai yaro yana ɗaga jarkar ruwa, sakan 8, nan ake gane ko ka san nauyi: ya durƙusa tukuna, ƙugu ya riga hannu motsi, jarkar ta ja kafaɗarsa ƙasa. In ta tashi kamar fanko cire shi kawai. Na uku tafiya, sakan 6, amma tafiyar wani takamaimai, mai gajiya ko mai taƙama, kuma ka duba tafin ƙafa kar ya riƙa zamewa a ƙasa, ka ɗora yatsa a sikirin daidai diddige, in ya goce kafin a ɗaga ƙafar to akwai gyara. Ka rufe da na biyu a kyau, sakan 10, sai sunanka ya sake fitowa. Duka bai kai sakan 45 ba.

Wani abu kuma dan Allah, amana. In rig ɗin saukewa kayi, ko aikin na gurup ne, rubuta a ƙasan kowane shot abinda kai kayi da hannunka da sunan mai rig ɗin. Ranar intabiyu zasu tambaya.

Kiɗa kuma a kashe shi inda ake magana. Rashin kyan haske ba matsala bane in motsi kake nema a ɗauke ka, gara ka ƙarar da wutar da ka samu wajen gyara motsi da zaman jiran renda. Ka ɗora a Vimeo ko YouTube ka tura link, WhatsApp yana matse bidiyo ya ɓata shi. Kafin ka tura, ka ba wani wanda baya jin kunyarka ya kalla ba sauti, ka tambaye shi wanne ne yafi rauni.