Bayan 16 ba lallai ne 32 ta biyo ba

Da zarar jarrabawar shiga sakandare ta matso, sai kasuwar 'yan littattafan nan na tsofaffin tambayoyi ta buɗe, masu darasin yamma kuma su hau ɗura wa yara. Abin da ke ba ni haushi shi ne sashen jerin lambobi: a rubuta 1, 2, 4, a bar gurbi, can a bayan littafi a sa 8, shi ke nan. Babu wanda ke tambayar yaro dalili.

To, wa ya ce 8 ce kaɗai? Yarinyar da ta rubuta 7 ma tana da hujja. Daga 1 zuwa 2 an ƙara ɗaya, daga 2 zuwa 4 an ƙara biyu, yanzu sai a ƙara uku. Ƙa'idarta ta zauna daram kamar ta mai ninkawa, amma jan biro za ta sha. Lambobi uku ba su isa su tsayar da ƙa'ida ɗaya ba, kai, ko biyar ma.

Ga abin da masana ke kira matsalar da'irar Moser. Zana da'ira, ka sa ɗigo biyu a bakinta, ka haɗa su da miƙaƙƙen layi: ta rabu gida 2. Da ɗigo uku, kowane an haɗa shi da kowane, gida 4 ne. Huɗu su ba da 8, biyar su ba da 16. Duk wanda aka horar da haddar amsa zai rantse cewa shida 32 ne. Zana ka ƙirga, 31 za ka samu, muddin ba ka bar layi uku sun haɗu a wuri ɗaya a ciki ba.

Ninkawar dama kama ce kawai. Ainihin ƙa'idar ita ce: ƙirga layukan, ka ƙara yawan wuraren da layi ya gitta layi, ka ƙara ɗaya. Dalili kuwa, kowane sabon layi yana ƙara gida ɗaya, sannan ya ƙara wani a duk inda ya gitta tsohon layi. A ɗigo biyar layi 10 ne, mahaɗa 5, da ɗaya, 16. A shida layi 15, mahaɗa 15, da ɗaya, 31. Wanda ya iya faɗin wannan da bakinsa zai gano 57 ta ɗigo bakwai ba tare da ya zana komai ba.

Masu cewa tambayar canki-canka ta fi saurin makawa, saurin malami suke karewa, ba fahimtar yaro ba. Shekara nawa za a yi ana ladabtar da mai tunani, ana yi wa aku tafi?

A aji dai, malami ya daina karɓar lamba tsurarta. Yaro ya faɗi ƙa'idarsa a jimla ɗaya, da Hausa ma in ya so, ya gwada ta a kan duk lambobin da aka ba shi. In ta hau, a ba shi makinsa ko da ta saɓa wa bayan littafi.